Jika 120 za a ba ni, zan biya jika 11 kowane sati: nawa ne ruwan a wata?

Mai_Takalma_Dole:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da rumfar takalman mata a Kasuwar Dole, daga Kano nake ɗauko kaya. Wani mai ba da bashi ya yarda ya ba ni jika 120, wato sefa dubu 120, in riƙa biyan jika 11 kowace Alhamis har sati 12. Ya ce ruwan jika 12 ne kawai, goma bisa ɗari a wata uku, wato uku da ɗoriya a wata. Ƙanin maigidana da ke karatu ya duba ya ce ba haka ba ne, wai ruwan ya kusa bakwai bisa ɗari a wata. Ni dai na ƙirga na sake ƙirgawa, 11 sau 12 ya ba ni 132, an cire 120 saura 12. To ina bakwai ɗin ta fito? Ban sa hannu ba tukuna, don Allah masu sani a warware mini.

Dan_Birni:
Wa alaikumus salam Hajiya. Lissafinki daidai ne. Jika 12 a kan 120 goma bisa ɗari ne, a raba uku ya zama 3.3. Yaron ya rikita ki ne da lissafin makaranta.

Malamin_Lissafi:
Dan_Birni, ka ɗan dakata, yaron yana da gaskiya. Ba wanda ya ce Hajiya za ta biya fiye da jika 12. Abin tambaya shi ne, jika 12 ɗin nan hayar nawa ce, kuma ta tsawon wane lokaci?

Hajiya, jika 120 ɗin nan sati ɗaya tak za ta yi cikakkiya a hannunki. Alhamis ta farko kin mayar da jika 10 daga uwar kuɗin, saura 110. Ta biyu saura 100. Haka za ki yi ta sauka, har a satin ƙarshe jika 10 kaɗai ta mutumin ta rage wajenki. Amma jika ɗayar da kike ɗorawa kowane sati ba ta raguwa. A satin farko jika ɗaya ce a kan 120, a na ƙarshe jika ɗaya ce a kan 10.

In kika tara 120, 110, 100, har zuwa 10, kika raba 12, za ki samu 65. Wannan shi ne abin da kika riƙe na mutumin a tsaka-tsaki. Jika ɗaya a sati a kan jika 65 kuwa ɗaya da rabi ne bisa ɗari. Wata yana da sati huɗu da 'yan kwanaki, sai ki ga ya kai shida da rabi zuwa sama. Inda yaron ya samo maganarsa ke nan.

Dan_Birni:
Malam, ni fa ban gamsu ba. Kuɗin da ta mayar ai daga ciniki ta samo su, bashin kuma jika 120 aka rubuta a takarda, ba 65 ba.

Malamin_Lissafi:
To Yaya, ga mutum biyu. Ɗaya ya ce ki karɓi 120, ki riƙe su duka, bayan sati 12 ki kawo 132 a dunƙule. Ɗayan ya ce ki fara kawo 11 tun sati mai zuwa. Dukansu jika 12 suka ci. Wanne za ka zaɓa?

Dan_Birni:
Na farkon mana, ai kuɗin sun fi zama a hannuna.

Malamin_Lissafi:
To na farkon ne ruwansa ya kusa abin da aka gaya wa Hajiya. Shi ma uku da rabi ne a wata, ba 3.3 ba, don sati 12 kwana 84 ne, bai cika wata uku ba. Tun da kai da kanka ka ce ba ɗaya suke ba, ba zai yiwu a ba su lamba ɗaya ba.

Almajirin_Garin_Malam:
Ku yi mini afuwa, amma duk kun bar babbar magana. Uku ne ko bakwai ne, bashin da aka sharɗanta ƙari a kansa kuɗin ruwa ne, kuma aya ta 275 ta Suratul Baƙara a fili take: Allah ya halatta ciniki, ya haramta riba. Hajiya, shawarata ki nemi wata hanya, ko adashi ko mai ba ki kaya bashi.

Hajiyar_Zango:
Malam ya faɗi gaskiya, Allah ya saka. Sai dai 'yar'uwa, kada ki ɗauka kayan bashi ba su da nasu tsadar. Ni atamfa nake sayarwa. Mai ba ni kaya yana da kuɗin hannu, yana da kuɗin bashi, na bashin ya fi da goma bisa ɗari, kuma duk sati yaronsa yana zuwa karɓa. Malamai da yawa sun ce wannan ciniki ne muddin an yanke farashi ɗaya tun farko, ban ja da su ba. Amma a aljihuna nauyin iri ɗaya ne da abin da Malamin_Lissafi ya bayyana. Ko ta halal ka bi, ya kamata ka san nawa jinkirin ya ci maka.

Almajirin_Garin_Malam:
Hajiya, a nan muna tare. Sanin tsada ba laifi ba ne. Abin da nake gudu shi ne a ɗauka in ruwan ya yi ƙasa ya zama halal.

Tsohon_Maaikacin_Asusu:
Na yi shekaru a wani asusun ajiya da ba da bashi kafin in huta, irin wannan takarda ta sha wucewa ta hannuna. Maganar hukunci na bar wa malamai. Zan dai nuna wa 'yata yadda za ta tabbatar da ɗaya da rabin nan da kanta, da biro da takarda, ba sai ta yarda da kowa ba.

Ki ɗauka ruwan 1.5 bisa ɗari ne a sati, ana lissafa shi a kan abin da ya rage kawai. Satin farko ana bin ki 120,000, ruwansa 1,800. Kin kawo 11,000, an cire 1,800, saura 9,200 ya rage bashin, ya koma 110,800. Sati na biyu ruwan 110,800 shi ne 1,662, sai 9,338 ya tafi ga uwar kuɗi, saura 101,462. Ki ci gaba a haka. Bayan biya na shida za ki tarar da 62,688. Bayan na goma sha ɗaya saura 10,858, ruwansa 163, kin kawo 11,000 na ƙarshe, abin da ya yi saura bai wuce tamma 21 ba.

Wannan ita ce shaidar. Ruwan gaskiya shi ne lambar da in ka bi ta sati bayan sati, biya na ƙarshe zai kashe bashin cif. Ki gwada da ɗaya bisa ɗari, za ki ga bashin ya mutu har an biya fiye da shi da jika huɗu da ɗoriya. Ki gwada da biyu, za ki ga an gama biya ana bin ki sama da jika huɗu. Ɗaya da rabi ne ya zauna daidai.

Direban_Kano:
Subhanallahi. Wato 1.5 sau 12, goma sha takwas bisa ɗari ke nan, jika 21 da ɗari shida za a karɓe mata ba 12 ba? Ashe akwai kuɗin da suka ɓoye!

Tsohon_Maaikacin_Asusu:
A'a ɗana, ba wani ɓoyayyen kuɗi a wannan lissafin. Kai ka buga 18 ɗin a kan 120 ne, alhali 120 ba ta zauna ba. Ruwan ya fara daga 1,800 ya sauka har 163, in ka tara su duka jika 12 ɗin ce dai. Kuɗin da za su fita aljihunta ba su canza ba, abin da muka gyara shi ne awon tsadarsu.

Dalibi_Salifou:
Ni ɗalibi ne a jami'ar nan ta Damagaram. Ga mai salula ko kwamfuta, Excel yana yi a take. In na Faransanci ne:

```
=TAUX(12;-11000;120000)
```

In na Ingilishi ne:

```
=RATE(12,-11000,120000)
```

Zai ba da 1.4977 bisa ɗari a sati. A kula da alamar cirewa a gaban 11000, don kuɗin fita ne, in an manta ta ba zai ba da amsa ba. Daga sati zuwa wata kuma, ga na Faransanci, a na Ingilishi sai a sa ɗigo a madadin waƙafi:

```
=(1+0,014977)^(52/12)-1
```

Ya fito 6.65 bisa ɗari, a ce 6.7.

Dan_Miriya:
Yanzu kun sake ruɗa mu. Malam ya ce shida da rabi, ɗalibi ya ce 6.7, ni kuma na buga 1.5 sau huɗu na samu shida. Wanne Hajiya za ta riƙe?

Malamin_Lissafi:
Tambaya mai kyau. Shida ɗinka na wata mai kwana 28 ne, in ka bi shi shekara za ta zama sati 48, ka zubar da sati huɗu. Shekara sati 52 ce, wata 12, saboda haka wata ɗaya sati 4.33 ne. Ka buga 1.5 sau 4.33, ya ba ka 6.5. Na ɗalibin ya ƙara wani abu: kuɗin da aka biya a satin farko mai bashin yana iya sake ba wani, su ma su haihu kafin wata ya ƙare. In aka lissafa da wannan haihuwar, 6.5 ta zama 6.7. Shi ne ruwan gaskiya na wata in ana so a gwada da bashin da ake biya wata-wata.

Ni dai a wata ɗaya ban damu da tazarar 6.5 da 6.7 ba. Abin da ya dame ni shi ne an ce mata 3.3, ninkinsa kuma za ta biya. A shekara ne tazarar take buɗewa: ba tare da haihuwa ba 78 bisa ɗari, da haihuwa wajen 117.

Ga wanda ba shi da Excel, akwai gajeriyar hanya ta kan rumfa:

```
2 × ruwa ÷ (uwar kuɗi × (yawan biya + 1))
```

Na Hajiya 24 ne a raba da 120 sau 13, ya ba da 1.54 bisa ɗari a sati. Ya ɗan ɗara na gaskiya, amma ya isa ka gane inda kake. In bashin ya yi tsawo ko ruwan ya yi yawa, kuskuren yana girma, sai a koma hanyar Baba Tsohon_Maaikacin_Asusu ta sati-sati.

Mai_Takalma_Dole:
Na gode ƙwarai, yanzu na fara gani. Akwai abin da ban faɗa ba don na ɗauka ƙarami ne. Ya ce za a cire jika 3 na takarda kafin a miƙo mini, 117 zan karɓa a hannu.

Tsohon_Maaikacin_Asusu:
'Yata, wannan ba ƙarami ba ne. Kuɗin dosiye ke nan, kuma ya fi ruwan kansa ciwo, don tun ranar farko ake ɗauke shi. Bashinki na gaskiya 117 ne, biyanki 132, tsadar jika 15. Ɗalibi ya sa 117000 a wurin 120000 ya gani.

Dalibi_Salifou:
Baba, ya ba da 1.9 a sati, wajen 8.5 a wata.

Tsohon_Maaikacin_Asusu:
To kun gani, jika uku ta ƙara kusan biyu bisa ɗari a kowane wata. Ki kuma tambaye shi ko akwai ajiyar garanti da za a riƙe. In an riƙe miki jika 12 sai ƙarshe a mayar, kina biyan ruwan kuɗin da ba ki taɓa ba, lissafin zai haura goma a wata.

Tun da an kawo maganar shekara, akwai doka a ƙasashen da ke amfani da sefa ta BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma. Daga farkon 2014 aka sauke iyakar ruwa zuwa 24 bisa ɗari a shekara ga ƙananan asusun bashi, da can 27 ce, ta bankuna kuma aka sauke daga 18 zuwa 15. Abin da ake aunawa shi ne lambar da ake rubutawa TEG a takarda, kuma tana haɗa ruwa da kuɗin dosiye, a kan abin da ya rage, a buga na sati sau 52. Da awon nan, jika 120 a sati 12 ruwanta bai kamata ya wuce wajen 3,600 ba, wato biyan sati kusan 10,300. Duk wajen da yake da izini, ki ce a nuna miki wannan lamba a rubuce.

Dan_Birni:
Baba, wa zai ba ƙaramar 'yar kasuwa jika 120 don ya ci 3,600, yana aiko yaro da babur duk Alhamis? Man babur ɗin ma ya cinye. Shi ya sa mutane ke zuwa wajen irin waɗannan, ba a tambayar takardar gida, yau ka nema gobe ka samu.

Tsohon_Maaikacin_Asusu:
Ba ka yi ƙarya ba. Ƙaramin bashi yana da tsadar bi, mu ma mun sha wannan kukan a wurin aiki. Ban ce mutumin ba shi da ɗawainiya ba. Na ce ya faɗi tsadarsa yadda take, mai karɓa ta zaɓa da idonta buɗe.

Yar_Magariya:
Ni nawa jika 50 ne, ina biyan 5,500 sati goma. Shi ma goma bisa ɗari aka ce. Ke nan ɗaya muke da Hajiya?

Malamin_Lissafi:
Naki ya fi tsada, ƙanwata, don goman a sati goma aka karɓe ta. Wajen 1.8 ne a sati, kusan takwas a wata. Duk inda aka ce miki goma bisa ɗari, ki tambaya a sati nawa, kuma yaushe za a fara biya.

Alhaji_Mai_Hatsi:
Ni duk wannan ƙirgar ban ga amfaninta ga ɗan kasuwa ba. In kaya suna tafiya, wa ya damu da bakwai? Hajiya, nawa kike samu a kan takalma?

Mai_Takalma_Dole:
Alhaji, bayan kuɗin mota da na hanya, kamar goma sha biyar bisa ɗari, kuma kaya suna ƙarewa a sati shida. Tunanina shi ne zan je Kano sau biyu, in ci jika 18 sau biyu, 36 ke nan, in ba shi 12, in tsira da 24.

Alhaji_Mai_Hatsi:
To shi ke nan ai, ki karɓa.

Hajiyar_Zango:
Alhaji, ka yi haƙuri, a nan ne ramin yake, kuma mata da yawa a layinmu a nan suka faɗa. Zuwa na biyu ba da 120 za ta je ba. Kayan 120 za su fita 138 a sati shida, amma a cikin satin shidan ta ba mutumin 66. Da 72 za ta koma Kano. Ribar 72 ita ce 10,800, ba 18,000 ba. Ta sayar 82,800, ta biya sauran 66, a hannunta saura 16,800. In aka fara da 117 saboda kuɗin takarda, bai kai jika 13 ba. Kuma kuɗin motar zuwa Kano bai san kayanki sun ragu ba, ko kin ɗauko na 72 kujerarki ɗaya za ki biya, saboda haka goma sha biyar ɗin ma ba za ta cika a zuwa na biyu ba. Duk wannan kuma in ba ta taɓa ko dala ta cefane ba.

Alhaji_Mai_Hatsi:
Amma dai riba ce, ba faɗuwa ba.

Hajiyar_Zango:
Riba ce in komai ya tafi daidai. Sati biyu na rashin ciniki, ko naira ta motsa tsakanin zuwa da zuwa, ko a rufe iyaka kamar yadda aka yi a 2023, jika 11 ɗin Alhamis ba ta jira. Sai ka ga mace tana karya farashin kaya don ta haɗa kuɗin sati. Wanda yake juya kuɗinsa kullum, kamar mai sayar da abinci, biyan sati bai cika takura shi ba. Mai kayan da ke kwana sati shida daban ne.

Direban_Kano:
To in kasuwa ta yi mata kyau ta biya duka a tsakiya, ai ta huta da ruwan ko?

Tsohon_Maaikacin_Asusu:
Sai in an rubuta haka. Bayan biya na shida, bashin gaskiya 62,688 ne kamar yadda na nuna a sama. Amma mai irin wannan tsari yawanci zai ce saura biya shida, ki kawo 66,000. Kin ba shi wajen 3,300 na satuttukan da ba ki riƙe kuɗinsa ba, tsadar ta ƙara hawa. A yi wannan magana kafin sa hannu, da ta tarar makara ma, nawa ce kuma a kan me ake lissafa ta.

Malamin_Lissafi:
Hajiya, in har kin yanke za ki karɓa, kada ki tsaya roƙon a rage jika ɗaya daga ruwan. Ki roƙi lokaci. In ya bar jika 11 sau 12 yadda take amma biyan farko ya koma sati na biyar, ruwan sati ya sauka zuwa 0.9, na wata wajen huɗu, ba tare da kuɗin takarda ba. Kuma za ki koma Kano da jarin da ya kusa cika.

Dan_Birni:
Ba zai yarda ba Malam. Shi ma ya san lissafin, ko bai iya faɗinsa da lamba ba. Kuɗin Alhamis ɗin da ya karɓa, ranar Juma'a ya ba wani.

Almajirin_Garin_Malam:
Ni har yanzu ina kan bakana. Mata goma sha biyu masu zubin jika 10 a sati, kowane sati ɗaya ta kwashi 120, ba ƙarin tamma.

Yar_Magariya:
Malam, adashi yana da kyau ga wadda ta kwasa da wuri. Ta ƙarshe kuma sati 12 tana zubi ba ta juya komai ba, kuma uwar adashi a wajenmu tana da nata kason. Hajiya kuma kafin salla take son kayan, wa zai bar mata kwasar farko?

Mai_Takalma_Dole:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Gobe zan je in tambaye shi maganar garanti, da biya kafin lokaci, da ko zai ɗaga mini farkon biya. Zan kuma yi wa mai ba ni kaya a Kano magana ko zai ba ni rabi bashi, don maganar Malam kan riba ta tsaya mini a rai. Baba, in mai kayan ya ce ƙarin takwas bisa ɗari ne amma in biya a dunƙule bayan sati shida, nawa ke nan a wata?

Tsohon_Maaikacin_Asusu:
Wajen 5.7 ne, 'yata, a kan rabin da ya ba ki kawai. Sai dai ki tambaya da naira za ki biya ko da sefa, don wannan yana iya canza amsar.